Mu huɗu ne ke rubutu a shafin gidan ɗinkinmu, yaya za mu yi magana da baki ɗaya?

"Assalamu alaikum Malama. Ina da gidan ɗinki a wani gari kusa da Ringim, muna ɗinka kayan mata da hijabai, muna kuma karɓar anko. Mu huɗu ne muke sa hotuna a shafinmu na Instagram da Facebook: ni, da ƙanwata, da ɗan yayata, da wata yarinya cikin masu ɗinkin. Kowa da yadda yake rubutu a ƙasan hoto. Kwanan nan wata kwastoma daga Kano ta kira ni tana tambaya ko na sayar da shafin ne. Ni kuma ba ni da lokacin rubuta komai da kaina. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki fara da tara su ki ce kowa ya riƙa rubutu irin naki. Za su amsa da to, kuma ba abin da zai sauya, domin babu wanda ya san abin da "irin naki" yake nufi, ke ma ɗin ba ki taɓa zama kin fayyace shi ba. Ai ba kya miƙa wa mai ɗinki yadi ki ce ta ɗinka daidai jikin wance, sai kin haɗa mata da awo a rubuce. Maganar shafin ma awonta za ki fitar.

Ki samu wani yammaci ki buɗe shafin, ki kwafe rubutun hotuna 30 na ƙarshe a littafi, ba tare da rubuta sunan wanda ya yi kowanne ba. Sai ki sa ƙanwarki ta karanta miki su a bayyane. Duk wanda kika ji za ki iya faɗa wa kwastoma shi baki da baki tana zaune a kan tabarmar shagonki, ki yi masa alama. Wanda kika ji kunyar fitar da shi daga bakinki, ko kika ji kamar tallar maganin gargajiya a tasha, ki soke shi. 'Yan kaɗan ɗin da suka tsira su ne muryar gidanki. Ba sai an aro ta daga wani shafin Legas ko Abuja ba, tuni tana nan cikin yadda kike tarbar mutane.

Abu na farko da za ki yanke a kai ƙarami ne a ido, amma shi ya fi komai tona cewa hannu ya sauya: wa yake magana, kuma da wa? Idan yau an rubuta "na ɗinka", gobe "mun ɗinka", jibi a kira sunan shagon a ce "sun ɗinka", mai karatu zai ji mutum uku. Shawarata ki tsaya a kan "mu". Da shi ne kaɗai ɗan yayarki zai iya rubutu ba tare da ya yi ƙarya ba, tunda ba shi ya hau keken ba. Wanda ake yi wa maganar kuma ki bar shi a "ku". Na san "ki" ya fi zaƙi, kamar ana hira da ƙawa, amma ki tuna su waye suke biyan kuɗin. Akwai magidancin da yake neman kayan Sallar iyalinsa, akwai yayan ango da aka ɗora wa haɗa lefe, akwai kuma dattijuwar da ta yi jika da yarinyar da ke riƙe da wayar. "Ku" ya ɗauke su duka kuma bai rage wa kowa girma ba. A nan ne kuma za ki zaɓi kiran da kuke yi wa jama'a. Idan "'yan uwa" ne, to shi ke nan, kada wani ya zo gobe da "'yan mata adon gari", wani kuma ya zo da kiran soyayya na Turanci.

Na biyu shi ne sunayen kaya da launuka, kuma nan zan ɗan daɗe domin nan ne ake asarar kuɗi. Ki ɗauka yadi ɗaya ne kika saro a Kantin Kwari, mai duhun ja. Ƙanwarki ta sa hotonsa ranar Litinin ta ce ruwan hanta. Ɗan yayarki ya sa wani ɗinkin da aka yi da shi ranar Laraba ya ce marun. Yarinyar ta sa nata ta ce makuba. Uwar biki a Dutse tana son anko na mutum 20, ta ga na Litinin ta ga na Laraba, kuma hasken ya bambanta domin ɗaya a rana aka ɗauka ɗaya a inuwar zaure. A wurinta launi biyu ne kuke da su. Ta yi odar "marun" tana tsammanin wanda ya fi haske, kaya su iso ta ce ba shi ta zaɓa ba, alhali kin riga kin yanka. Maganin wannan mai sauƙi ne: ki yanko ƙyalle daga kowane yadin da kuke aiki da shi, ki manna a kwali, ki rubuta suna ɗaya tal a ƙasan kowanne, ki rataye a bango, kowa ya ɗauki hotonsa a wayarsa. Ruwan toka, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ƙasa, duk wanda kika zaɓa shi ne sunan har yadin ya ƙare. Haka za ki yi da ɗinkunan: abin da kike kira doguwar riga kada wani ya kira shi abaya, hijabi mai hannu kuma a bar shi da sunansa.

Na uku shi ne alkawari. Kuɗi da ranar karɓar kaya ba wurin da kowa zai nuna salonsa ba ne. Ki yanke ko kuna rubuta farashi a fili ko ba kwa yi, ki kuma tsaya a kai. Ni na fi son a rubuta, domin mai saye daga nesa da bai taɓa ganin shagonki ba yana samun natsuwa idan ya ga kuɗin da kowa yake gani. Ranakun ɗinki kuma ke kaɗai za ki faɗe su, tunda ke kika san layin da ke gaban keke.

Bari mu gwada da riga ɗaya. A ce ɗan yayarki ya rubuta: "Sabon kaya ya sauka!!! Ku garzayo kafin ya ƙare, a biyo mu inbos." Yarinyar kuma ta rubuta: "Wayyo wannan rigar ta tafi da imanina, 'yan mata ina kuke?" Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, amma na farko ihu ne babu bayani, na biyu kuma zancenta ne da ƙawayenta. Ga yadda gidan zai iya faɗa:

"Doguwar riga ta atamfa, ruwan goro, da aikin zare a wuya da bakin hannu. Turmi ɗaya, yadi 6, ya isa riga da ɗankwali. Kuɗin ɗinki N9,000 idan kun kawo atamfarku. Muna gamawa cikin kwana 7 in sha Allahu, kuma muna ba direba a tasha zuwa Kano da Dutse. Ku turo awonku ta lambar da ke saman shafi."

Ki lura da jerin: mene ne kayan, launi da aiki, kuɗi, rana, sannan yadda za a same ku. Sunan kayan ya zo farko saboda Instagram yana nuna farkon rubutu ne kawai ya ɓoye sauran sai an taɓa, don haka doguwar gaisuwa a layin farko tana cinye wurin da ya kamata rigar ta zauna. Kuɗin da na sa misali ne, ki sa naki.

Duk waɗannan ki tattara su a takarda guda, kada ta wuce shafi ɗaya, domin mai shafi biyar ba wanda zai buɗe ta ranar da aiki ya yi yawa. Ki ƙara da ƙananan abubuwa a layi ɗaya ɗaya: imoji kada ya wuce biyu, alamar motsin rai ɗaya ta isa, kuma ko dai kowa ya riƙa sa ƙ da ɗ da ɓ ko kowa ya bari, manhajar rubutu a waya mai suna Gboard tana da allon Hausa ga mai so. A ƙasa ki kwafe rubutu biyar mafi kyau daga waɗanda suka tsira ɗazu, da biyu da kika soke tare da dalilin sokewar. Mutane sun fi saurin koyo daga misali a kan doka. Ki buɗe zauren WhatsApp na ku huɗu, ki maƙale hoton takardar a sama.

Wata ɗaya na farko, duk wanda ya rubuta ya fara turawa zauren, mutum ɗaya ya duba kafin a saki. Ba dole ke ba ce. Ki zaɓi wanda rubutunsa ya fi yawa cikin waɗanda kika yi wa alama, ko da ita ce ƙaramar cikinku, ki kuma faɗa a gaban kowa cewa ke kika ɗora ta, don kada babba ya ji ƙanƙanci idan ta gyara masa. Idan kuskure ɗaya ya maimaitu sau biyu daga mutane daban, takardar ce ba ta yi bayani ba, ita za ki gyara. Tunda sabis yakan yi wuya a wajenku, ku riƙa rubuta na mako gaba ɗaya a zama guda, ku jera su a Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan Facebook da Instagram, su riƙa fita a lokacin da kuka sa.

Inda murya ta fi saurin karyewa ba a ƙasan hoto ba ne, a wurin amsa ne. Rubutu ya fita da ladabi, sai wata ta ce kuɗin ya yi yawa, wanda ke riƙe da wayar ranar ya mayar mata da "ba dole ba ne". Wannan layi ɗaya ya fi hotuna goma zama a ran masu karatu. Ki rubuta amsar tambayoyin da suka fi zuwa, na ragi, na kai kaya, na yadda ake awo, ki adana su a Quick replies, wato wurin ajiye shiryayyun amsoshi na WhatsApp Business, inda buga alamar / kawai zai fito da su. Ƙorafi kuwa, kamar ɗinki ya matse ko an saɓa rana, kada kowa ya amsa shi sai da jimla ɗaya da kuka yarda da ita: "Ku yi haƙuri, Hajiya za ta kira ku yau." Sannan ki kira ɗin.

Akwai kuma wuce gona da iri. Idan kika ga hotuna goma a jere duk sun fara da kalma ɗaya sun ƙare da kalma ɗaya, takardar ta yi tsauri, mutane za su daina karantawa su riƙa tambayar abin da yake rubuce a gabansu. Ki bar wa kowa jimla ɗaya ta kansa a kan abin da idonsa ya gani. Yarinyar da ke ɗinki ta san cewa aikin wuyan ya ci kwana biyu da hannu, ta san yadin da ba ya zuba a wanki, kuma wannan ne mai saye yake son ji. Gaisuwar Juma'a, barka da Sallah da ta'aziyya su ma ba sa bin jerin kaya da kuɗi, kuma ranar da aka yi rasuwa a garinku ko a gidan kwastoma ta kusa, a tuna a shiga a dakatar da tallar da aka riga aka jera.

Bayan wata guda ki sake gwajin farko, amma a juye. Ki karanta wa wata tsohuwar kwastomarki rubutu goma na ƙarshe ki ce ta faɗa miki wanda ke kika rubuta da wanda yara suka rubuta. Idan ta iya ware su, ki tambaye ta kalmar da ta tona asirin, ki ƙara ta a takardar.