Abin da za a faɗa wa masu suga da hawan jini a rediyo game da awon ƙoda

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni minti goma a wani shirin lafiya na rediyo a nan Katsina, in ja hankalin masu ciwon suga da hawan jini su je awon ƙoda. Ta ina zan fara, kuma me zan ce?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'a. Na daɗe ina aikin jinya, kuma ana yawan gayyata ta irin waɗannan shirye-shirye. Shawarata ta farko, kada ki buɗe da jero alamomi. Kusan duk rubutun da nake gani da kumburin ƙafa da fuska da amai yake farawa. Mai sauraro a shagonsa sai ya dubi ƙafarsa, ya ga ba kumburi, ya ce alhamdu lillahi, shi ke nan kin rasa shi. Alhali waɗannan alamomi sai ƙoda ta yi nisa da lalacewa suke fitowa. Shekaru ake yi tana raunana mutum bai ji komai ba.

Ni da haka zan buɗe: "Kai mai ciwon suga, ke mai hawan jini, ko lafiyarku lau kuke ji, maganar nan taku ce. Akwai awo biyu da ya kamata a yi muku kowace shekara, ɗaya na fitsari, ɗaya na jini." Ki maimaita wannan a tsakiya da ƙarshe, don wani a rabin shiri yake kunna rediyonsa.

Sai ki bayyana dalili. Ƙoda kamar rariya take. Suga da hawan jini suna ɓata ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinta, sai ta fara sakin furotin, wanda ya kamata ya tsaya a jini, ya bi fitsari. Awon fitsarin, wanda ake rubutawa ACR a takarda, wannan yoyon yake kamawa. Na jinin kuwa kiriyatinin ake aunawa, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, a fitar da lissafin eGFR, wato ƙarfin tacewar ƙoda. Ki faɗi haruffan a hankali, ki ce a rubuta a tafi da su, domin ɗan tsinken nan da ake tsomawa a fitsari ba ya ganin furotin idan kaɗan ne.

Ga misalin da ke nuna amfanin yin biyun. A ce Hajiya mai suga ta karɓi sakamako, eGFR 72, ACR 85. Idan jini kaɗai aka duba sai a ce ba komai, tunda a ƙasa da 60 ake fara damuwa. Amma ACR, a ma'aunin mg/g, ya kamata ya tsaya ƙasa da 30, nata kuwa ya haura. Ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an sake an ga abin ya ɗore wata uku, domin zazzaɓi, ciwon mafitsara, jinin al'ada ko aikin ƙarfi duk suna iya ɗaga shi na ɗan lokaci. Shi ya sa aka fi son fitsarin farko na safe, a ranar da mutum yake lafiya. Idan ya tabbata, likita zai gyara mata magani, a matsa wa jinin da sugan su sauka, kuma a wannan matakin ana iya jinkirta lalacewar shekaru da yawa. Sunan maganin dai kada ki faɗa a iska. Mutanenmu da yamma za su tsaya a kemis su saya.

In an buɗe layi, ki shirya wa mai cewa, "An yi mini hoton ciki, an ce ƙodata ƙalau." Kusan kowane shiri sai ya kira. Hoto girma da siffa yake nunawa, da tsakuwa ko toshewa in akwai, amma ba ya auna tacewa. Wani kuma zai ce bayansa ba ya ciwo. Irin wannan ciwon ƙodar da wuya ya zo da ciwon baya, sai ma ki yi amfani da damar ki gargaɗe shi kan yawan shan diklofinak da ibufurofen, da haɗin gajiya, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Maganar wankin ƙoda jimla ɗaya ta isa: sau biyu ko uku a mako, awa huɗu a kan na'ura. In kika ja ta, tsoro zai hana mutum zuwa, ya ce gara bai sani ba.

Kafin ranar, ki leƙa ɗakin gwaji na Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki tambayi ko suna yin awon biyun, nawa ne, kuma ƙarfe nawa ake karɓar fitsari. Wannan za a fara tambayarki. In kuma kina da ta cewa kan ranar shirin, ki nemi Alhamis ta biyu a watan Maris, ranar ƙoda ta duniya.