Mafarkin Gawata Ana Saura Wata Biyu Biki

"Ni 'yar Azare ce, saura wata biyu bikina. Sau uku ke nan ina mafarkin na rasu ana yi mini wanka. Ajalina ne ya kusato?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Sanin ranar mutuwa na Allah ne kaɗai, kamar yadda ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta nuna.

Yawancin mafarkai masu tsayawa a rai suna zuwa ne gab da asuba, lokacin da ƙwaƙwalwa ke juya abin da ya dami mutum, tana sa masa sura. Dubi abin da ke gabanki: za a yi miki wankan amarya, a lulluɓe ki, a fitar da ke daga gidanku mata na kuka. Wanka, lulluɓi, rakiya, kuka: duk akwai su a jana'iza. Abin da ke ƙarewa shi ne zamanki na budurwa a ɗakin mahaifiyarki.

Da kin farka, ki rubuta abin da kika ji a zuciya tun kafin ki manta. Idan kewa ce da sauƙin rai, alhinin rabuwa ne. Idan tsoro ne da ƙunci, kina ihu ba mai jin ki, to ki tambayi kanki ko akwai abin da ba ki yarda da shi ba a auren nan, ki faɗa wa Umma ko gwaggonki tun yanzu.

Kada ki baza wa ƙawaye mafarkin. Fassarar kowa za ta ƙara miki fargaba, fargaba kuma ita ke maimaita mafarkin. Sunna ita ce ki nemi tsari, ki yi tofi sau uku ta hagu, ki juya kwanciya. In ya kai makonni yana hana ki barci da cin abinci, ki ga likita.