Gwanin ciniki mai wulaƙanta abokan aiki: da wane ma'auni za a auna shi?

"Malam, ina da masu sayar da kaya shida. Ɗaya daga cikinsu bai taɓa kasa cika adadin cinikin da nake yanka masa ba, shi kaɗai yana kawo kusan sulusin cinikina. Amma bakinsa ba linzami. Yana daka wa mai kula da sito tsawa a gaban kwastoma, yana kiran sababbin yara sakarkaru. Mutum biyu sun ajiye aiki bana saboda shi. Ga lokacin duba aikin kowa ya zo. Me zan rubuta masa?"

Alhaji, kafin ka rubuta komai, sake lissafa sulusin nan. Adadin da ke kan takardar ciniki ba shi ne abin da ya shiga aljihunka ba, kuma mai taka mutane a gabanka sau da yawa yana taka su a cikin lissafi ma.

Ɗauko littafin shekara ka bi cinikinsa ɗaya bayan ɗaya. A misali, a ce ya sayar da kaya na ɗari. Goma sha biyar bashi ne da ya haura kwana 60 ba a biya ba. Biyar an dawo da su, don ya yi wa mai saye alkawarin da kayan ba za su cika ba. Goma kuma kwastomomin abokan aikinsa ne, waɗanda wani ya yi wata uku yana zarya a kansu, shi ya zo ranar biya ya rubuta sunansa. Saura saba'in. Har yanzu yana iya zama na ɗaya, amma tazarar ta ragu. Alamar ƙwacen kwastoma ba ta ɓuya: za ka ga sunan mai saye ya tashi daga shafin wani ya koma nasa, cinikin wancan kuma ya faɗi a watan.

Sai ka ɗora kuɗin mutum biyun da suka tafi: neman wasu, koya musu aiki, da watannin da sabon hannu zai yi kafin ya kama. A 2015, Michael Housman da Dylan Minor sun nazarci ma'aikata fiye da 50,000 a kamfanoni 11, suka gano cewa kauce wa ma'aikaci mai cutar da wurin aiki yana ceto fiye da ninki biyu na abin da ɗauko gwani na sahun farko ke ƙarawa.

To, takardar. Raba makin gida biyu: kashi 70 na ciniki, a kan kuɗin da aka karɓa a hannu, kashi 30 na mu'amala. Ka sa sharaɗi cewa wanda bai samu rabin makin mu'amala ba, ba shi da garaɓasar ƙarshen shekara, komai yawan cinikinsa. Idan babu wannan sharaɗin, zai cinye saba'in ɗinsa ya yi dariya. Amma in ba ka taɓa sanar da wannan ma'auni ba, kada ka yanke masa kuɗin bana da shi. Biya shi haƙƙinsa, ka ba shi cikakken makin ciniki da ƙaramin makin mu'amala, sharaɗin ya hau kan duka shidan daga yanzu.

Kada ka rubuta "ba shi da hali". Zai musa, ya ce hassada ake yi masa, kuma ba ka da abin nunawa. Rubuta rana, wuri, kalmar da ya faɗa, da wanda ya ji. Misalai uku sun isa. Ka zauna da shi ku biyu, ƙofa a rufe, ka fara da yabon cinikin don gaskiya ne, sannan ka karanta masa. Ka saurare shi kuma. Wataƙila sito na jinkirta masa kaya har kwastoma ya fusata. Wannan gyaranka ne, ko da yake bai halatta zagi ba.

Ba shi kwana 90, ku riƙa zama duk mako biyu, ya sa hannu a kan abin da aka yarda. Gyaran da ake yi a gabanka kawai ba gyara ba ne, don haka tambayi mai sito a keɓe.

Kafin zaman nan, ka tabbata sunaye da lambobin manyan kwastomominsa da bashin da ke kansu suna cikin littafin kamfani, ba a wayarsa kaɗai ba, ka kuma haɗa kowane babban kwastoma da mutum na biyu. Irinsa idan ya ji an taɓa shi, barazanar tafiya yake fara yi, kuma ranar da ya yi ta, wannan littafin ne zai ba ka damar ce masa a sauka lafiya.