Mun raba wa marasa lafiya launi, amma layi bai daina rikici ba

Tambaya: Ni nas ce a sashen gaggawa na wani ƙaramin asibiti, likita ɗaya gare mu da rana. Mun fara ba marasa lafiya launi gwargwadon tsananin ciwonsu, amma har yanzu kullum sai an yi rigima. Masu kore sukan wuni ba a gan su ba, kuma in mutum biyu launinsu ɗaya ban san wa zan fara shigarwa ba. Yaya ake tsara layin daidai?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Launi rabin aikin ne kawai, sauran rabin kuwa agogo ne, kuma shi aka fi mantawa da shi. Kowane launi yana tafe da wa'adinsa, wato iyakar lokacin da mai shi zai iya jira kafin likita ya gan shi. Zan yi miki misali da tsarin Manchester, wanda aka tsara a Ingila a shekarun 1990, saboda wa'adinsa a fili yake. Ja ana ganinsa nan take. Ruwan lemo cikin minti 10, rawaya minti 60, kore minti 120, shuɗi kuma minti 240. Akwai masu amfani da launi uku kawai, ja da rawaya da kore, kamar tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da abokan aikinta. Ko wanne kuka ɗauka, ku tsaya a kansa, kada nas ɗin safe ta bi wani, ta dare ta bi wani.

Ƙa'idar jeri ba ta da wuya. Launi ne gaba, sai lokacin zuwa ya raba gardama tsakanin masu launi ɗaya. Wannan ya sa dole a rubuta lokacin da mutum ya shigo ƙofa a kan katinsa, ba lokacin da aka gama buɗe masa fayil ba. Ni har wa'adin nakan rubuta a gefe: in rawaya ya zo 9:30, sai in sa 10:30 in zagaye shi da biro. Da kallo ɗaya na san wanda lokacinsa ke ƙurewa.

Bari mu ɗauki wata safiya. Ƙarfe 10:00 daidai, likita ya sallami wanda ke gabansa, mutum biyar na kan benci. Akwai saurayin da ya gurɗe a idon sawu, yana iya takawa, ya zo 8:40, kore ne, wa'adinsa 10:40. Akwai dattijon da ya zo 9:00 da ciwon gwiwa na wata da watanni, shuɗi, yana da har ƙarfe 1:00. Wata mata 'yar shekara 28 ta zo 9:30 da ciwon mara, bugun zuciyarta 96 a minti, tana magana sarai, an ba ta rawaya, wa'adinta 10:30. Wani ya zo 9:50 da zazzaɓi da amai, shi ma rawaya, 10:50. Na ƙarshe magidanci ne ɗan shekara 55, ya shigo 9:57 yana dafe da ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa dutse, zafin har hannun hagu. Wannan ruwan lemo ne, wa'adinsa 10:07.

Magidancin ne zai shiga, ko da yake shi ya zo ƙarshe, kuma a sa masa na'urar gwajin zuciya cikin minti goman nan. Saurayin nan da ya shafe awa ɗaya da minti ashirin a zaune zai tashi ya yi magana, kuma yana da hujja a idonsa. Zan dawo kansa.

Yanzu ga inda ake yin ɓarna. Likita na ciki, sai nas ta ɗauka an gama da na waje tunda kowa na riƙe da launinsa. Launi hoto ne na mintin da aka duba mutum, ciwo kuwa tafiya yake yi. Ƙarfe 10:15 kika zagaya benci, sai kika tarar matar nan mai ciwon mara ta yi shiru, ta jingina da bango. Ɗazu tana ta ƙorafi, yanzu ta daina. Goshinta ya jiƙe da gumi, tafin hannunta sanyi ƙalau. Kika sake aunawa: bugun zuciya 128, awon jini 88 bisa 56, ta ce in ta miƙe jiri ke ɗibarta. Kika tambayi al'adarta, ta ce ta wuce da mako uku. Mace mai shekarun haihuwa da wannan hoto, abin da za a fara tsoro shi ne ciki a wajen mahaifa da ya fashe, jini na zuba a ciki ba a gani. Ta tashi daga rawaya ta koma ja. Ba za ta jira 10:30 ba, ba za ta jira likita ya gama ba, ƙofa za ki buga a fito da shi, a kwantar da ita a fara ƙarin ruwa.

Ki lura ba kuskure aka yi da aka ba ta rawaya da farko ba. A 9:30 rawaya ce. Kuskuren da zai kashe ta shi ne a bar katin ya yi ta magana a madadinta har awa guda. Shi ya sa nake cewa a ware lokacin zagaye a rubuce, kada a bar shi sai an samu sarari, domin sarari ba ya zuwa. A wurin da na yi aiki muna leƙa masu rawaya duk bayan rabin awa, masu kore duk awa, kuma duk wanda ɗan rakiyarsa ya ce ya canza, a sake auna shi nan take. Awon ba ya cin minti biyu: bugun zuciya, yawan numfashi, zafin jiki, iskar oksijin a yatsa, da ko yana amsa magana daidai. Numfashi shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali sau da yawa yakan riga awon jini nuna matsala. A ƙirga shi da agogo, kada a rubuta 20 da ka.

Mai ihu a benci yana da iskar yin ihun. Wanda ya yi lakwas a kusurwa ba ya damun kowa, shi nake fara zuwa wurinsa.

To, an gama da matar, an tura ta tiyata, ƙarfe 10:45 likita ya dawo kujera. Saura uku. Saurayin mai kore ya wuce wa'adinsa da minti biyar, mai zazzaɓi kuma saura minti biyar nasa ya cika. Wa zai shiga? Akwai masu cewa wanda wa'adinsa ya riga cika shi ne gaba. Ni ban yarda da wannan a matsayin ƙa'ida ba. Daɗewa a benci ba ta mayar da gurɗewa ciwo mai hatsari. Mai zazzaɓi da amai ruwan jikinsa ke ƙarewa, shi zai shiga. Abin da cikar wa'adi ke wajabtawa shi ne abu biyu: a sake duba saurayin a tabbatar har yanzu koren ne, sannan a rubuta cewa an wuce wa'adi, don mai kula da sashe ya gani.

Wannan rubutun shi zai nuna miki asalin abin da ya sa masu kore ke wuni. Yi lissafi. In likita na cin minti 15 a kan kowane mutum, huɗu yake gani a awa. In a kowace awa masu rawaya da na sama da su huɗu ne ke shigowa, mai kore ba zai taɓa kaiwa ƙofa ba, komai gwanintarki wajen jera kati. A nan ba jeri ne ya lalace ba, hannu ne ya yi kaɗan. Mafita ita ce a cire masu kore da shuɗi daga layin gaba ɗaya a buɗe musu nasu, inda ƙwararriyar nas ko wani ma'aikacin lafiya da aka ba izini zai riƙa sallamar ƙananan abubuwa, kamar wankin ciwo da ɗaurin gurɗewa. Dattijon mai ciwon gwiwa ma asibitin yau da kullum ya dace da shi, a ba shi rana. In babu wanda za a ware, sai ku yi yarjejeniya da likita: muddin babu ja ko ruwan lemo a waje, kuma babu rawayan da wa'adinsa ya matso, bayan kowane rawaya biyu ko uku a shigar da kore ɗaya, wanda ya fi daɗewa. Dabara ce ta rashi, amma tana hana benci cika.

Akwai wata cuta da ke kama masu tantancewa bayan sun taɓa yin rashi: kowa sai su ɗaga masa launi don tsoro. Na fahimci dalilin, kuma in ana shakka tsakanin launi biyu, na sama ake bayarwa. Amma in rabin benci ya zama ruwan lemo, launin ya daina raba komai, an koma wanda ya riga zuwa shi ne gaba, mai ciwon zuciya na gaske yana bayan mutum shida. Yadda za ki gane kun faɗa wannan shi ne ki ɗauki katunan mako guda ki duba. In yawancin masu ruwan lemo gida aka sallame su da ƙwayar magani, kuna wuce gona da iri. In kuwa kin ga masu kore da aka ƙare da kwantar da su ko tura su tiyata, kuna rage launi, kuma wannan ya fi muni. Kowane irin katin nan a zauna a kansa a ga alamar da aka tsallake. Launi kuma daga alamomin da ke kan takardar tantancewa ake ɗaukarsa, ba daga sanayya ko ƙarfin muryar ɗan rakiya ba.

Saura saurayinmu. Mafi yawan rigimar benci rashin bayani ne ke haifar da ita. Mutum ya ga an tsallake shi sau biyu, ba wanda ya ce masa uffan, dole ya ɗauka son kai ne. Tun lokacin ba shi kati za ki gaya masa: "Malam, kai kore ne, ma'ana ciwonka ba mai barazana ga rai ba ne. Za ka iya jiran awa biyu ko fiye, kuma za ka ga waɗanda suka zo bayanka sun riga ka shiga. In ka ji wani abu ya canza, zo ka same ni kai tsaye." A ba shi maganin rage zafi tun a wurin tantancewa in dokar sashenku ta yarda, a ɗaga masa ƙafar a kan kujera. Sai dai kada ki gaya masa abin da ke damun matar da aka shigar gabansa, wannan sirrinta ne. Ki ce mai tsanani ce ta zo, ki faɗa masa mutum nawa suka rage a gabansa.