Wa ka shan datar rawutata?

Tambaya: Malam barka da aiki, ina da shagon buga takardu nan Mabera, datar wata guda bata kai mini sati biyu yanzu kuma ina zargin yaran unguwa na hawa. Ƙaƙa zan gane, kuma in kore su?

Amsa: Alhaji barka kadai. Ka fara haɗa wayarka da waifai ɗin, sannan ka juya rawutar ka duba takardar da anka manna a ƙasanta, akwai adireshi nan, galibi `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`, na Huawei kuma `192.168.8.1`. Rubuta shi a burauza wurin adireshi. Zai tambaye ka lambar sirri, to wagga ba ita ce ta waifai ba, ta shiga saiti ce, sau da yawa `admin` ce in ba'a taɓa canza ta ba, kuma nan mutane ka ruɗewa su ce abin ya ƙi.

In ka shiga nemi `Connected Devices` ko `DHCP Client List`. Mu ce kana da waya biyu da kwamfuta guda amma ka ga bakwai a jere, wasu ma ba suna sai doguwar lamba ta `MAC`, wadda rawuta ka gane kowace na'ura da ita. Kar kayi saurin zargi, kashe waifai na kayanka ɗaya bayan ɗaya kana sabunta shafin, wanda ya ɓace naka ne (wata rawutar tana ɗan jinkiri kafin ta cire shi), abinda ya rage su ne baƙin naka.

Akwai maɓallin `Block` amma ni gaskiya ban cika ba da shawara tai ba, don tun daga Android 10 waya na iya sauya lambar `MAC` ɗinta a saiti, yaro ya sauya ya dawo kamar sabon mutum tunda lambar sirri tana hannunshi. Canza lambar sirrin waifai ita ka kore kowa lokaci guda.

Je `WLAN` ko `Wireless`. Wurin `SSID` sa sabon suna, wanda bai nuna shagonka ba. Tsaro ka zaɓi `WPA2-PSK`, ko `WPA3` in akwai. Lambar sirri haruffa 8 ne mafi ƙaranci amma kai ka kai 12 ko fi, kuma don Allah banda lambar wayarka da ke rubuce a allon shago, haɗa kalmomin da basu da alaƙa kamar `Rakumi7-fura!Dange` sai dai kar ka kwafi wagga. Kashe `WPS`, ka canza `admin` ɗin nan shima. Kana danna `Save` waifai zai yanke, ba lalacewa yayi ba, nemi sabon sunan ka shiga.

Sannan ka kula da wanda kake sa ma lambar ko da kai ka rubuta da hannunka, wayar Android na fiddo ta da `QR` a `Share`, mutum guda sai ya raba ma layi duka. In rawutarka na da `Guest Network` ba kwastoma shi, ka riƙa canza mishi lamba duk sati.