Kar ka ja gidajen nan tukuna

Tambayar Sani: "Yaya, na shiga OpenStreetMap zan sa hanyar hillarmu da markaz ɗin lafiya a Gadarif, sai na ga gidajen da wani ya zana duk sun goce daga kan hoton. In jawo su ne in daidaita?"

Amsa (murya, an rubuta ta):

Salamu alaikum jama'a. Sani ƙanena, don Allah kar ka taɓa gidajen nan tukuna. Duba da kyau, in duk gefe guda suka goce kuma tazarar iri ɗaya ce, misali kowanne ya yi gabas da kamar mita 5, to ba lallai mai zanen ne ya yi kuskure ba, wataƙila hoton ne. Hoton satalayit ba ya zama daidai kan ƙasa ɗari bisa ɗari, shi wataƙila da hoton Bing ya zana kai kuma kana kan hoton Esri. Ni ma farkon farawata haka na jawo gidaje wajen 40, sai da wani ya maido su duka, aikin dare guda ya tafi a banza wallahi.

A editan OpenStreetMap ɗin ka danna B, ka sauya hoton, ka ga a wanne ne gidajen suka zauna daram. In ba ko ɗaya, can ƙasa akwai Imagery Offset, da shi za ka matsar da hoton kansa har ya hau kan zanen. To wa ke da gaskiya, hoton ko zanen? Nan sai GPS. Ka kunna rikodin a OsmAnd, app ɗin taswira na waya, ka bi bakin zalat a raksha, zuwa da dawowa, sau uku ko huɗu, don wayar ma tana kuskuren 'yan mitoci, tafiya ɗaya ba hujja ba ce. Tsakiyar layukan da GPS ɗin ya ja shi ne hanyar, da shi za ka gwada hoton da zanen.

Hanyarku kuma, in ka ja layi dole bakinsa ya manne da babbar hanya a ɗigo ɗaya, in ba haka ba a ido ta haɗu amma mai neman hanya a waya ba za a bi da shi nan ba. Inda ta ratsa kwari babu gada ka sa `ford=yes`, ka san yadda harif yake yi mana, mai ɗauke da mara lafiya yana bukatar sanin wannan.

Guɗɗiyya ka zana ta ka danna O ta zama da'ira, ɗaki mai kusurwa kuma Q.

Markaz ɗin nan fa, daga sama rufi kawai ake gani, rufi ba ya faɗa maka asibiti ne ko sito. Ka je da ƙafarka, ka tabbata yana aiki, ka karanta sunan a allo, sannan ka sa:

```
amenity=clinic
```

Kuma kar ka kwafo daga Google Maps, lasisinsu bai yarda ba, in aka gane gogewa za a yi. In ka yi sebin ka turo min linkin in duba.