Ma'aunin zafi na goshi ya ba ni lamba uku, wacce zan kama?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 2 jikinsa ya yi zafi. Na auna goshinsa yana gumi, na ga 36.4. Na share gumin na sake, 37.6. Na matso da na'urar kusa, 38.3. Duk cikin minti goma. Ta lalace ne?

Amsa: Hajiya, ki kama 38.3, ki kai shi a yi masa gwajin maleriya yau. Na'urarki lafiyarta ƙalau.

Zafin da fatar goshi ke fitarwa kawai take karantawa, sannan ta yi lissafin na cikin jiki. Idonta kuwa kamar hasken tocila yake, yana ƙara faɗi in an ja baya. A tazarar da yawancinsu ke so, santimita 3 zuwa 5, wato faɗin yatsu biyu ko uku, fata kaɗai take gani. Kika ja baya taƙi guda, sai ta haɗa da gashi, da matashi, da bango, ta gauraya su ta ba ki lamba ƙasa da gaskiya.

Gumi kuma aikinsa ke nan, ya sanyaya fata yayin da yake bushewa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Shi ya sa ko bayan kin share, fatar ba ta gama dawowa daidai ba. A share, a kashe fanka, a jira minti goma. Ita ma na'urar tana auna zafin ɗaki don gyara lissafinta. In ta kwana a ɗaki mai sanyi ko ta wuni a mota, a bar ta rabin awa a inda za a yi awon. Yawancinsu ba a yi su don wurin da ya wuce digiri 40 ba, kin kuwa san rumfar kwano a watan Afrilu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jita-jitar nan da ta bazu tun korona a 2020, wai na'urar tana harba haske cikin ƙwaƙwalwa, don haka a auna a hannu. Ƙarya ce. Ba ta harba komai, karɓa kawai take yi. Ɗan hasken da ke jikin wasunsu don saiti ne. Kullum sai uwa ta zo mini da yaro a galabaice, ta ce mai kemis ya auna tsintsiyar hannunsa ya ce babu zazzaɓi. Yaron da zazzaɓinsa ke hawa, jijiyoyin jinin hannu da ƙafa suna tsukewa, hannun ya yi sanyi alhali cikin jiki yana tafasa. A nan za a auna? Lissafin na'urar na goshi ne, ba a gina shi a kan hannu ba. Haka ake ɓata kwana biyu ana cewa haƙori ne, maleriya na cinye jinin yaro. Wanda ke karɓar kuɗin mutane yana auna hannu ya ji tsoron Allah.

In kin yi shakka, sa ma'aunin hammata. Ya kai 37.5, zazzaɓi ne. In yaron ya yi jijjiga, ko ya ƙi sha, ko ya yi wuyar tashi daga barci, asibiti nan take, ko me na'ura ta nuna.